LITININ KO LAHADI? YADDA AKE KARANTA KWANAN WATAN DA MAGABATA SUKA RUBUTA DA HANNU



Duk shekara idan 20 ga Afrilu ta zagayo, sai ka ga ana ta yaɗa rubutu cewa yau shekara kaza ke nan da rasuwar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Wasu kuma ba ruwansu da Afrilu, sai 3 ga Jimada Sani suke tunawa. A yawancin rubuce-rubucen za ka ga an ce ya rasu "ranar Litinin, 20 ga Afrilu, 1817". To ga abin mamaki: ɗauko duk kalandar da ka ga dama ka koma da ita baya, za ka tarar 20 ga Afrilun 1817 Lahadi ce, ba Litinin ba.

Shin wani ne ya yi ƙarya? Ko kaɗan. Lissafi biyu ne aka haɗa a layi ɗaya ba tare da an ɗaure su da kyau ba. Kuma wannan matsalar da ta taɓa ranar rasuwar Shehu, ita ce dai take taɓa ranar haihuwar iyayenmu a katin ɗan ƙasa, da fasfo, da takardun fansho. Aikina na gwamnati ya sa kullum ina cikin tsofaffin fayil-fayil, shi ya sa na ga ya dace in ɗan yi bayani. Rubutun yana da tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

SHEKARA ƊAYA, ƘAFA BIYU

Mu fara da shekara. Shekarar Hijira kwana 354 ce, wani lokaci 355. Ta Miladiyya kuwa 365 ce ko 366. Bambancin kusan kwana goma sha ɗaya ne duk shekara, shi ya sa azumi yake zagayawa, bana cikin zafi, bayan wasu shekaru cikin hunturu, can gaba kuma cikin damina. Idan kwanakin nan suka taru, duk bayan shekara 33 ta Hijira sai ka ga shekara 32 ce kacal ta wuce a lissafin rana.

Daga nan aka samo ɗan lissafin da ake yi da ka:

```
M = H - (H ÷ 33) + 622
```

H ita ce shekarar Hijira, M kuma ta Miladiyya. Mu gwada da yaƙin Tafkin Kwatto, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci jama'ar Shehu suka kara da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a shekara ta 1219. Raba 1219 da 33, za ka samu kusan 37. Cire 37 daga 1219, saura 1182. Ƙara 622, ka samu 1804. Daidai ne kuwa, a 1804 aka yi Kwatto.

Amma kar ka saki jiki da wannan lissafin. Gwada shi da shekarar haihuwar Shehu, wato 1168, zai ba ka 1755, alhali an haife shi ne a Disambar 1754. Dalili shi ne shekarar 1168 ta kama ne a tsakiyar Oktoban 1754, ta ƙare a 1755. Shi kuma Shehu a ƙarshen Safar aka haife shi, wata na biyu, tun shekarar ba ta tsallaka Janairu ba.

Ka ga ashe kusan kowace shekarar Hijira ƙafa biyu gare ta, ɗaya a wannan shekarar ta Bature, ɗaya a ta gaba. Haka ma idan aka juya. Dubi 1903, shekarar da ba za mu manta da ita ba. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan aka yi yaƙin ƙarshe na Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. A wurin Bature duk shekara guda ce. A wurin malamin da ya rubuta labarin da tawadarsa kuwa, Kano ta faɗi a Zulƙida 1320, Sakkwato a tsakiyar Zulhajji 1320, 'yan kwanaki bayan Babbar Salla, amma Burmi a Jimada Ula 1321 take. Sabuwar shekara ta shiga tsakaninsu a ƙarshen Maris.

Saboda haka idan takarda ta ba ka shekarar Hijira kawai, babu wata babu rana, gaskiyar abin da za ka rubuta shi ne shekara biyu: 1320 ita ce 1902/1903. Wanda ya zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya, ya ƙara wa takardar abin da ba ta faɗa ba.

Ko shekarun mutum ma haka ne. Daga Safar 1168 zuwa Jimada Sani 1232, Shehu ya yi shekara 64 da 'yan watanni a lissafin wata. Daga Disambar 1754 zuwa Afrilun 1817 kuwa, shekara 62 ce da wata huɗu. Mutum ɗaya, rayuwa ɗaya, ma'auni biyu.

RAMZI: SHEKARAR DA AKA ƁOYE A CIKIN KALMA

Kafin ka juya shekara, sai ka iya karanta ta tukuna. Malamanmu na da, musamman a ƙarshen waƙa ko littafi, sau da yawa ba sa rubuta shekara da lambobi. Sukan yi ramzi, wato su haɗa haruffa su zama kalma, kowane harafi da adadinsa, sai mai karatu ya tara. Hikimar ita ce kalma tana shiga baitin waƙa, ana haddace ta, kuma ta fi lamba wuyar gurɓacewa a hannun mai kwafa.

Misali, shekarar da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu ita ce 1218. A haruffa: shin dubu ne, ra ɗari biyu, ya goma, ha ƙarami takwas. Ka tara su, 1218. Shekarar Kwatto kuma sai a musanya ha ƙarami da ɗa mai hannu, wanda yake tara, a samu 1219. Ko an sāɓa jerin haruffan don kalmar ta yi daɗin faɗa, babu abin da zai canja, tunda tarawa ake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hisabin abajada iri biyu ne. Akwai na Gabas, wanda ake samu a littattafan bugun Misira da Labanan, akwai kuma na Magariba, wanda shi ne malaman ƙasar Hausa da Barno suka gada. Haruffa shida ne suka sāɓa a tsakaninsu, kuma babba a ciki shi ne shin. A wurinmu shin dubu ne. A Gabas ɗari uku ne, angai ne dubu. Haka sodi, a wurinmu sittin ne, a can casa'in. Sin a wurinmu ɗari uku ne, a can sittin.

Yanzu ka ɗauka ɗalibin da ya yi karatu da littattafan Gabas ya ci karo da ramzin 1218. Zai ce shin 300, ra 200, ya 10, ha 8, jimla 518. Ya mayar da hijirar Gudu baya da shekara ɗari bakwai cif. Wannan kuskuren yana da sauƙin kamawa saboda girmansa. Mai haɗarin shi ne ƙarami.

Ga ƙaramin. A rubutunmu na allo, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Gabas kuwa, harafi mai ɗigo ɗaya a sama fa ne. To fa tamanin ce, ƙaf ɗari. Shekarar haihuwar Shehu a ramzi ita ce shin, ƙaf, sodi, ha ƙarami: dubu, da ɗari, da sittin, da takwas. Wanda idonsa ya saba da bugun zamani zai ga ƙaf ya ɗauka fa ce, sai ya samu 1148. Shekara ashirin ta salwanta saboda ɗigo guda, kuma amsar ba ta yi kama da shirme ba balle a yi zargi.

Abu na ƙarshe a nan: shekarar da ke ƙarshen littafi ba lallai ta zama ta mawallafi ba. Sau da yawa ta mai kwafa ce, ranar da ya gama rubutawa. Sai an karanta jimlar da ke kewaye da ita, a ga wa ke magana.

RANAR MAKO ITA CE ALƘALI

Yanzu mu zo kan kwanan wata. Duk manhajar da ke wayarka mai juya kwanan Hijira zuwa na Miladiyya, lissafi take yi, ba ganin wata ba. Wasu suna bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wasu kuma tsohon jadawalin masana hisabi. A wannan jadawalin an yanke cewa Muharram kwana 30 ne, Safar 29, Rabi'ul Awwal 30, haka ake ta musaya har ƙarshen shekara, sannan a cikin kowace shekara talatin akwai goma sha ɗaya da ake ƙara wa Zulhajji kwana guda.

Mutanen Sakkwato na 1817 kuwa ba jadawali suke bi ba. Sama suke dubawa. In an ga jinjirin wata, gobe ɗaya ga wata. In hazo ko hadari ya rufe, a cika talatin. Mu ma shaidu ne, sau nawa Nijar ta yi Salla yau, Najeriya gobe, ko mu riga Saudiyya, ko ta riga mu? To in haka ake yi a zamanin waya da rediyo, ina ga lokacin da labari sai a kan doki? Don haka tsakanin jadawali da abin da mutanen gari suka ƙirga, bambancin kwana ɗaya abu ne da aka saba, wani lokaci har biyu.

Me zai raba gardama? Ranar mako. Kwanan wata yana iya sāɓawa daga gari zuwa gari, amma Juma'a Juma'a ce a Kano, da Makka, da Landan. Ba a taɓa samun garin da ya yi sallar Juma'a ranar Asabar don wata ya ɓuya ba. Shi ya sa idan malami ya rubuta maka ranar mako tare da kwanan wata, ya ba ka mabuɗi.

Mu gwada. Littattafan jihadi sun ce an yi Kwatto ranar Alhamis, 12 ga Rabi'ul Awwal 1219. Jadawali ya ba da 21 ga Yuni, 1804. Wace rana ce wannan? Alhamis. Shaidu biyu sun haɗu, magana ta ƙare. Haihuwar Shehu a Maratta: Lahadi, ranar ƙarshe ta Safar 1168. Jadawali ya ba da 15 ga Disamba, 1754, kuma Lahadi ce. Nan ma lafiya lau.

Sai rasuwarsa. Ruwayar da ta shahara ita ce daren Litinin, 3 ga Jimada Sani 1232. Jadawali ya ce 3 ga watan ita ce 20 ga Afrilu, 1817, wadda take Lahadi. Abu biyu ne suka haɗu a nan.

Na farko, a lissafin Musulunci dare ne yake riga yini. Rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, ba daga sha biyun dare ba. Mu duka mun san wannan ba tare da an koya mana a aji ba: idan aka ce daren Juma'a, ai daren Alhamis wayewar Juma'a ake nufi, kuma asham ta farko ana yin ta ne kafin azumin farko. Saboda haka "daren Litinin" yana kamawa ne daga magaribar ranar Lahadi.

Na biyu, tunda 3 ga wata ta faɗo Litinin a Sakkwato, alhali jadawali ya sa ta Lahadi, to watan ya kama a can bayan jadawali da kwana ɗaya. Yinin 3 ga Jimada Sani a ƙirgar mutanen gari shi ne Litinin, 21 ga Afrilu. Darensa kuwa ya fara ne da yammacin Lahadi, 20 ga Afrilu.

Ka ga ke nan 20 ga Afrilu tana da gaskiyarta, Litinin ma tana da gaskiyarta. Haɗa su ne kai tsaye a ce "Litinin 20 ga Afrilu" ya haifar da ranar da babu ita a kalanda. Rubutun da ya dace shi ne: daren Litinin, 3 ga Jimada Sani 1232, wato daren Lahadi 20 wayewar Litinin 21 ga Afrilu, 1817.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice. In ranar mako ta sāɓa da jadawali da kwana ɗaya ko biyu, bi ranar mako, ka matsar da kwanan Miladiyya ya dace da ita. In ta sāɓa da kwana uku, tsaya, akwai abin da ka karanta ba daidai ba, ko shekarar, ko watan, ko wata lamba.

DAGA SAKKWATO ZUWA TEBURIN RAJISTA

Wani zai ce to wannan ai aikin masu binciken tarihi ne. Bari in kawo shi gida.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tela ne, bai yi boko ba. Da zai yi katin ɗan ƙasa aka ce ya kawo ranar haihuwa. Mahaifinsa malami ne, kuma kamar yadda malamai da yawa suke yi, ya rubuta haihuwar 'ya'yansa a bangon wani littafinsa. Wani yaro a gidan ya duba, ya kwafo masa a 'yar takarda: 7/7/86. Mai shigar da bayanai ya karɓa, ya buga 7 ga Yuli, 1986. Ba a farga ba sai da ya tashi neman fasfo don aikin Hajji, aka ga katin ya ce 1986, banki kuma yana riƙe da wata shekarar daban da aka ƙiyasta masa tun tuni. Abin dariya abin takaici, babban ɗansa haihuwar 1991 ne. A takarda, uba ya girmi ɗansa da shekara biyar.

Da aka kawo mini maganar, abin da na fara nema shi ne littafin kansa, ba kwafin ba. Abin da malamin ya rubuta da Larabci shi ne: ranar Juma'a, 7 ga Rajab, shekara ta 86. Yaron ya san Rajab ne wata na bakwai, sai ya mayar da shi lamba, ya bar ranar mako don yana ganin ba ta da amfani. Da sunan wata ya koma lamba, shaidar cewa wannan kalandar Musulunci ce ta ɓace gaba ɗaya.

Mataki na farko: wace 86? Yadda muke cewa "shekarar 86" muna nufin 1986, haka malamai suke yanke 1386 su ce 86. Amma akwai masu gauraya, su rubuta watan Musulunci da shekarar Bature, don haka dole a gwada duka biyun. Idan 1986 ce, 7 ga Rajab ta wannan shekarar ta faɗo ne 18 ga Maris, ranar Talata. Tsakanin Talata da Juma'a kwana uku ne, ya wuce abin da ganin wata zai jawo. Wannan ta faɗi.

Mataki na biyu: gwada 1386. Raba ta da 33, ka samu 42. Cire, saura 1344. Ƙara 622, ka samu 1966. Jadawali ya ba da 7 ga Rajab 1386 a matsayin Asabar, 22 ga Oktoba, 1966.

Mataki na uku: malam ya ce Juma'a, jadawali ya ce Asabar. Kwana ɗaya ne, yana cikin iyaka. Ma'ana a garinsu an ɗauki watan kafin jadawali da kwana guda. Sai mu bi malam: Juma'a, 21 ga Oktoba, 1966.

Mataki na huɗu: nemi shaida daga waje. A gidansu Ɗanjuma ake ce masa tun yana yaro, kuma mahaifiyarsa takan ce a watan azumin tsofaffi ta haife shi, lokacin kaka, ana cikin girbi. Azumin tsofaffi shi ne Rajab, ƙarshen Oktoba kuma kaka ce. Da Maris ne, da bazara za ta ce. Kar a raina irin waɗannan. Ladi, Tanimu, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, duk rajistar ranar mako ce da iyaye suka rataya wa yaro. Azumi da Ɗan'azumi kuma sun riƙe maka watan.

LAMBOBIN DA KE YAUDARAR IDO

Ko da kalandar ɗaya ce, hannu yana da nasa tarkon. A lambobin Larabci, biyar (٥) kamar sifirin boko take, sifiri kuwa ɗigo ne kawai (٠) wanda ake iya ɗauka tawada ce ta ɗiga. Shida (٦) kamar bakwai ɗin boko take. Bakwai (٧) da takwas (٨) abu ɗaya ne aka kifa. Biyu da uku kuma haƙori ɗaya ne ya raba su, in alƙalami ya yi kauri sai su zama ɗaya. A takardun Nijar da aka rubuta da hannun Faransanci, ɗaya tana da doguwar ƙugiya har ta yi kama da bakwai, ita kuwa bakwai ta gaskiya ana ratsa ta da layi a ciki. Maganin duka ɗaya ne: nemi wata lamba a shafin wadda ba ka shakkarta, ka ga yadda wannan hannun yake rubuta ta.

Sai jeri. Mu da Nijar rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa wata suke farawa da shi. Mai rubutu da Larabci kuma daga dama yake farawa, don haka a idon ɗan boko shekara ce a gaba. In ka ga 25/3/1985 babu matsala, don babu wata na 25. Amma 3/4/1985 fa? Uku ga Afrilu ce ko huɗu ga Maris? A kowace shekara akwai kwana 132 da za a iya juya su haka, su ba da wata rana daban mai kama da gaskiya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na shekara ke nan. Hanyar ganewa ita ce ka duba sauran kwanakin da hannu ɗaya ya rubuta a rajistar. Da zarar ka sami guda mai lambar da ta haura 12, ka san gurbin rana.

Abokan aikina masu shigar da bayanai a Excel, ku kula da abu uku. In an saita kwamfutar a tsarin Amurka, ka buga 3/4/1985, za ta ɗauka huɗu ga Maris ba tare da ta tambaye ka ba. Alamar ita ce a layin kwanakin za ka ga wasu sun jingina dama, wasu hagu. Na hagun su ne waɗanda ranarsu ta haura 12, ta kasa fahimtarsu ta bar su a matsayin rubutu. Na daman kuwa ta karɓa, kuma ta juya su. Na biyu, shekara mai lamba biyu daga 00 zuwa 29 tana kai ta ƙarnin da muke ciki, sai fayil ɗin 1928 ya zama 2028. Na uku, ba ta san kwanan da ya gabaci 1900 ba, don haka ranar Kwatto a wurinta rubutu ne kawai.

Akwai kuma 1 ga Janairu. Duk wanda ya taɓa duba jerin sunayen ma'aikata ya san yadda take da yawa, kamar ranar ce kaɗai ake haihuwa a ƙasar nan. Yawancinsu ba ranar haihuwa ba ce, cike gurbi ne: an san shekara ko an ƙiyasta ta, fom kuma ya ƙi karɓa sai da rana da wata. A Nijar ma tsofaffin takardu sukan ce an haifi mutum "wajen shekara kaza", da aka zo zamanin kwamfuta sai da yawa suka koma 1 ga Janairu. Kar ka ɗauki irin wannan ka ƙaryata rubutun bangon littafi da ita.

YADDA YA KAMATA A AJIYE

Ga ma'aikacin gwamnati wannan ba wasa ba ne. Galibinmu ritaya tana zuwa ne da cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga, kuma ƙa'idar aiki ita ce ranar haihuwar da aka rubuta maka ranar ɗaukar aiki ba a canja ta. Lamba ɗaya da aka karanta a karkace tana iya cinye wa mutum shekarun aiki, ko ta tsayar masa da fansho a ranar tantancewa. Haka take a takardar gona, da ta gado, da ta bashi: wace ce ta riga wata?

Abin da nake yi, kuma nake ba da shawara, gida huɗu ne ga kowane kwanan wata. Gida na farko, abin da aka rubuta, harafi da harafi, ko da kana ganin kuskure ne, har da ranar mako da kalmar "dare" in akwai. Na biyu, wace kalanda ce. Na uku, abin da ka juya, a jere daga shekara mai lamba huɗu, sai wata, sai rana. Na huɗu, hujjarka da iyakar tabbacinka. Na dattijon nan ga yadda ya fito:

```
Asali:   Juma'a, 7 Rajab 86
Kalanda: Hijira (1386)
Juyi:    1966-10-21
Hujja:   jadawali 1966-10-22 (Asabar); an bi ranar mako
```

Wannan jerin na shekara, wata, rana ba shi da fuska biyu, kuma kwamfuta tana jera shi daidai daga tsoho zuwa sabo. A takardar da mutane za su karanta kuwa, rubuta sunan watan da haruffa, 21 ga Oktoba, 1966. In babu ranar mako a asalin, sai ka rubuta cewa ana iya samun bambancin kwana ɗaya ko biyu. In shekara kawai aka bayar, bar ta a shekara biyunta, kar ka ƙirƙiro mata rana.

Gida na farkon nan shi ne mafi tsada. Juyi ana iya sake shi gobe in an sami wanda ya fi ka sani, amma asali in ya tafi ya tafi. Da waɗanda suka rubuta tarihin Shehu ba su ajiye mana "daren Litinin" ba, da yau ba mu da abin da za mu auna 20 ga Afrilu da shi.

Don haka duk wanda yake da irin wannan littafi a gida, wanda kaka ko baba ya rubuta haihuwa da rasuwa a bangonsa, don Allah ya ɗauki hoton shafin tun gara da ɗanshi ba su riga shi ba. A ɗauki shafin gaba ɗaya, ba layi ɗaya ba, saboda sauran layukan ne suke nuna yadda hannun yake rubuta lambobinsa. In za a kwafa, a kwafa da sunan wata da ranar mako yadda suke.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka rubuta, ya ba mu ikon karantawa daidai. Wallahu a'alamu.